Maɓalli ko jan yatsa a gem ɗin gudu

"Oga, gem ɗin gudun nan da nake haɗawa, in sa maɓallan hagu, dama da tsalle a fuskar waya ne, ko in bari a riƙa jan yatsa? Na ga kamar maɓalli ya fi sauƙi."

Ya fi sauƙi ga wa, Sani? Ga kai mai rubutawa. Ku yaran yanzu abin da zai sa ku tashi aiki da wuri kawai kuke nema. Jawo kujera.

Wannan maganar taka ita wani Alhaji mai harkar yadi ya yi mini. Ya ba ni aikin gem na tallar shagonsa: yaro na gudu a layi uku cikin kasuwa, yana kauce wa 'yan dako da a-daidaita-sahu. Na yi masa da jan yatsa, yadda Subway Surfers ya saba wa hannun mutane tun 2012. Ya ce shi bai ga abin dannawa ba, a sa maɓallai huɗu. Sai ya ce hoton shagonsa ya zauna a ƙasa, maɓallan su matsa sama, kuma a rage su kada su tare yadi. Na ce masa Alhaji, ƙa'idar Android ita ce abin taɓawa kada ya gaza 48dp a awon dp da ke ba da kusan girma ɗaya a kowace waya, wanda ko santimita ɗaya bai cika ba, kai kuma kana so in yi rabin haka. Ya ce da kuɗinsa ake aiki.

A babbar wayarsa, yana kishingiɗe da hannu biyu, komai lafiya. Na je kasuwar waya ta Farm Centre a Kano na miƙa wa yara masu Itel da Tecno, ina tara inda kowane yatsa ya sauka a matsayin jan ɗigo. Da na buɗe, ɗigon nan sun zagaye maɓallan, kaɗan ne a ciki. Idon mai wasa yana kan hanya, gilashi kuwa sumul yake, yatsa ba ya jin iyakar maɓalli, a hankali yake zamewa bai sani ba. Mai riƙe da hannu ɗaya kuma sai ya gyara riƙo kafin babban yatsansa ya kai na ɗaya gefen, kafin nan ya ci karo da ɗan dako. Na kai wa Alhaji hoton, ya ce aikina ne bai yi kyau ba, ya hana ni cikon kuɗina. Bayan nan ya ba wani yaro ya cire maɓallan, ya dawo da jan yatsan da na bari a ciki, aka ce yaron ne ya gyara. Allah ya isa, ban yafe ba.

To ka yi jan yatsa, fuskar waya duka ta zama wurin karɓa. Yadda ake karanta taɓi ba zan tsaya koya maka ba. Abin da ke kayar da ku shi ne awo. Sai ka rubuta cewa in yatsa ya yi fiksel 100 ya zama ja. A waya mai ɗigo 270 a inci, wannan ya haura milimita 9. A mai 500, milimita 5 ne. Kenan mai ƙaramar waya sai ya ja kusan ninki biyu, ya ce gem ɗinka yana da nauyi. Ni 30dp nake farawa da shi a Unity, manhajar haɗa gem:

```
float iyaka = 30f * Screen.dpi / 160f;
```

Wannan zai ba ka fiksel 51 a ta farko, 94 a ta biyu, tazara ɗaya a yatsa. Ka kula, `Screen.dpi` kan dawo da 0 in bai gane wayar ba, ka tanadi madadi.

Kuma kada ka jira a ɗaga yatsa. Da zarar ya haye iyakar a `TouchPhase.Moved`, yaron cikin gem ɗin ya motsa, sai ka kulle wannan taɓin har `TouchPhase.Ended`, in ba haka ba ja ɗaya zai tsallake layi biyu. In ka ji suna cewa "wallahi na ja bai yi ba", yawanci jiran ɗagawa ne. Babban yatsa ba ya tafiya a miƙe, lanƙwasa yake yi, don haka ka gwada tsayen tafiyar da kwancenta, wanda ya fi tsawo shi ne nufin mutum. Ka gwada da bahago ma, nasa karkatar ta ɗaya gefen ce.

Maɓalli ɗaya na yarda da shi, na dakatarwa, shi ma can saman kusurwa inda yatsa ba zai faɗa masa da kuskure ba. Gefen fuska kuma tun Android 10 ja daga can yana iya nufin komawa baya, kada ka ɗora komai a wurin. Tashi ka ɗauko tsohuwar Itel ɗin da ke cikin durowa, a kanta za ka nuna mini, ba a taka ba.