Wanda Ya Yarfa Ka A Gaban Jama'a

"A majalisarmu a Gusau wani ya ce mini cikin mutane: kai da aka kora daga aiki, har kana da bakin magana? Na rasa amsa. Me ya kamata in yi?"

Malam, fara da duba wanda ya faɗa. In abokin wasanka ne, kamar taubashi ko Bakatsinen da ke tsokanar Bakabe, mayar masa da wasa. Fushi a nan shi ne faɗuwa.

In cin fuska ne, kada ka amsa nan take. Ja numfashi biyu, kada ka miƙe, kada ka nuna shi da yatsa. Ka dube shi, ka sassauta murya, ka ce: "Haka ne, Allah ya kawo wani. To, mu koma kan maganar da muke yi." Jumla ɗaya ta isa. Ka amsa gaskiyar da ya so ya soke ka da ita, ba shi da sauran makami.

Inda ake ɓata lamarin shi ne dogon bayani. Da ka fara faɗin dalilin korar, ka zama mai kare kai, jama'a sun zama alƙalai. Habaici ma haka, zai rama.

In ya maimaita, ka ce: "Ɗan'uwa, mu yi wannan mu biyu bayan La'asar." Galibi dattijon wurin zai tsawata masa.