Kayana sun maƙale a Apapa saboda inbois da takardar jerin kaya sun saɓa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, kuma wannan ne karo na farko da na yi odar kwantena guda ta fanka daga China da sunana. Kayan sun iso tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas, amma ejan ɗina ya ce kwastam sun tsayar da su domin inbois ta nuna fanka 1,200, ita kuwa takardar jerin kaya ta nuna katan 620, kowanne da fanka 2. Me ya kamata kowace takarda ta ƙunsa, kuma me ya sa ɗan wannan bambanci zai hana kaya fita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Jami'in kwastam bai san ka ba, bai kuma san wanda ya sayar maka ba, saboda haka abin da yake da shi kafin a buɗe kwantena shi ne takardu, kuma aikinsa na farko shi ne ya jera su ya ga ko bakinsu ya zo ɗaya. Inbois tana ba da labarin kuɗi, takardar jerin kaya tana ba da labarin yadda aka shirya kayan a cikin katan-katan, sannan takardar lodin jirgi da kamfanin jirgin ruwa ya bayar tana faɗin abin da aka ɗora. Dukansu kuma dole su dace da Form M ɗin da ka buɗe ta bankinka kafin a yi lodi, wato takardar neman izinin shigo da kaya, domin a kan waɗannan takardu ne Hukumar Kwastam ta Nijeriya take fitar da PAAR, wato rahoton ƙiyasin da ake biyan haraji a kansa.

Mu lissafa naka. Katan 620 sau 2 ya ba da fanka 1,240, ke nan akwai fanka 40 a cikin katan 20 waɗanda inbois ba ta san da zamansu ba. A mafi yawan irin wannan matsala da na gani, dalilin ba ha'inci ba ne. Mai kamfani ne yake ƙara wa abokin ciniki gyara ko kayan musanya na waɗanda za su lalace, sai ma'aikatan sito su rubuta su a jerin kaya tunda sun loda su, ofishin kuɗi kuma ya bar su a waje tunda ba a biya kuɗinsu ba. Amma a wurin kwastam kyauta ma tana da daraja, kuma ana biya mata haraji. Idan muka ɗauka ka sayi kowace fanka a kan dala 15, inbois ɗinka ta dala 18,000 ce, alhali abin da ke cikin kwantenar ya kai na dala 18,600. Wannan dala 600 kaya ne da ba a bayyana ba, kuma da zarar jami'i ya ga haka, zai daina yarda da sauran abin da takardun suka ce, ya nemi a sauke kayan a ƙirga, sannan a rubuta maka takardar neman cikon haraji, wadda ejan-ejan suke kira DN, mai yiwuwa har da tara.

Abin da ya fi ciwo shi ne cikon harajin kansa ba shi da yawa. Asarar tana cikin kwanakin da za a ɓata, domin bayan 'yan kwanakin rangwame da kamfanin jirgi yake bayarwa, zai fara cajin kuɗin jinkirin kwantena a kullum, masu tashar su ma suna cajin kuɗin ajiya a kullum, kuma farashin yana hawa ne gwargwadon daɗewar kaya.

Inbois ta gaskiya ita ce ta ƙarshe, wadda aka rubuta bayan an kammala lodi, ba ta share fage da ka kai banki lokacin buɗe Form M ba. Dole ta nuna cikakken suna da adireshin mai sayarwa da na mai saye, da lambarta da kwanan wata, da lambar Form M, da ƙasar da aka ƙera kayan, da yawan kowane nau'i da farashin guda da jimilla, da irin kuɗin da aka yi cinikin da shi. Haka kuma ta nuna sharaɗin cinikin, ko FOB ne, wato farashin kaya har zuwa ɗora su a jirgi, ko CFR, wato farashin haɗe da kuɗin kai su tashar mai saye, tare da ware kuɗin dakon jirgi daban, saboda kwastam suna lissafin haraji ne a kan kuɗin kaya haɗe da kuɗin dako da inshora. Sunanka kuwa ya zo harafi da harafi kamar yadda yake a rajistar kamfaninka da lambarka ta biyan haraji.

Wurin da na fi so ka tsaya shi ne bayanin kaya. Idan aka rubuta "kayan lantarki" kawai, babu wanda zai iya sanin lambar HS ɗin da ta dace da su, wato lambar da kwastam suke rarraba nau'in kaya da ita, alhali wannan lamba ce take yanke ko babu haraji, ko harajin kashi 5 ne, ko 10, ko 20, ko 35 cikin ɗari a tsarin haraji na bai ɗaya na ECOWAS. Sai a rubuta cewa fankar sama ce ko ta tsaye, da girmanta, da sunan samfurin, da lambar ƙirarta, kamar yadda suke a jikin katan da kuma a takardar SONCAP, wato takardar shaidar ingancin kaya. Kada kuma ka kwafi lambar HS ta mai sayarwa gaba ɗaya, domin lambobi 6 na farko ne kawai duniya ta yi tarayya a kansu, Nijeriya kuwa tana aiki da lambobi 10 ne.

Ita takardar jerin kaya ba ruwanta da farashi. Aikinta shi ne ta faɗi yawan katan, da abin da ke cikin kowanne, da alamomin da aka buga a jikinsu, da nauyin kaya zalla da nauyinsu haɗe da kwali, da girman katan, da lambar kwantena da ta hatimin da aka kulle ta da shi, sannan ta ambaci lambar inbois ɗin da take rakiya. Jimillar katan da jimillar nauyi dole su zama daidai da na takardar lodin jirgi.

Game da kayanka na yanzu, ka fara duba adadin da takardar lodin jirgi ta nuna. Idan ita ma 620 ta ce, to kuskuren yana cikin inbois ne kaɗai, kuma wannan shi ne mai sauƙin gyara: mai sayarwa ya rubuto wasiƙar bayani da inbois da aka gyara, wadda ta saka fanka 40 ɗin a layinsu daban tare da darajarsu da bayanin cewa ba a biya kuɗinsu ba, ka miƙa ta bankinka da ejan ɗinka, ka biya cikon harajin. Idan kuwa 600 ta ce, sai an nemi kamfanin jirgi ya gyara takardarsa da jerin kayan jirgi da ya riga ya miƙa wa kwastam, wanda yake buƙatar amincewarsu kuma yake cin lokaci da kuɗi. Ina roƙonka kada ka yarda kowa ya buga maka sabuwar takarda a Legas da sunan mai sayarwa, domin hakan yana mayar da kuskure ya zama laifin jabu, kuma yana iya jawo a ƙwace kayan baki ɗaya.

A oda ta gaba, ka sa mai sayarwa ya turo maka daftarin takardun uku kafin jirgi ya tashi, ka zauna da ejan ɗinka ku ninka katan da abin da ke cikinsa, ku gwada da inbois, ku gwada nauyi da lambar kwantena da ta hatimi, sannan ka ba da izinin a fitar da na asali.