Amsoshinku: firintar da ke kan netwok

"Malam, mun sayi babbar firinta ta hannu mai fotokwafi da sikanin, mun jona ta da netwok ɗin ofis. Jiya muka tarar ta fitar da takardu ba wanda ya tura. Takardun albashi muke bugawa da ita, wallahi na tsorata. In sayi sabuwa ne?"

Kwantar da hankalinki Hajiya, kar ki taɓa kuɗinki tukuna, sabuwar ma in kika jona ta haka abin da za ta yi ke nan. Fara duba takardun. In shirme ne na alamomi barkatai, layi ɗaya a saman kowane shafi, sau da yawa direba ce, wato manhajar da kwamfuta ke magana da firinta da ita, ba daidai ba a wata kwamfutar. In kuwa saƙo ne da ake iya karantawa, to wani ne ya kai gare ta. Yawancin firintoci suna sauraro a ƙofar netwok mai lamba 9100, duk abin da aka jefo musu ta nan bugawa suke ba tambaya, ta haka ne a 2018 wani ya sa kusan firintoci 50,000 suka buga tallar wani mai tasha a YouTube. A shiga rauta a goge duk Port Forwarding da ke nuna firintar, a kashe UPnP.

Sai abin da ya fi ci min rai, kalmar sirrin admin. Buga shafin saitin netwok daga allon firintar, za ki ga adireshinta, misali `192.168.1.50`, ki rubuta shi a burauza shafinta ya buɗe. Ina da yaƙinin kalmar da ta zo da ita daga kamfani ce har yanzu a kai. Xerox da yawa `admin` da `1111` ne, manyan Canon `7654321`, Ricoh da yawa `admin` ba kalma ma sam, kuma duk wannan yana cikin littafin na'urar da kowa zai iya saukewa kyauta. Mutum zai kashe maƙudan kuɗi kan injin amma minti biyar na canza wannan ya gagare shi! Masu Brother kar su ce ai tasu daban ce tana jikin sitika, a 2025 masu bincike na Rapid7 sun nuna ana iya lissafo ta daga lambar siriyal a ɗaruruwan samfura, maganin kawai a canza. Kuma wanda ya shiga ba bugu kaɗai zai yi ba, in kun saita sikanin zuwa imel ko zuwa folda to sunan akawun da kalmarsa suna ajiye a ciki, zai iya karkatar da adireshin sabar da ake tura sikanin zuwa nasa, na'urar ta miƙa masa su da kanta. Sa doguwar kalma, ki rubuta ki kulle a durowa, don in ta ɓace wasu injinan sai an kira injiniya. In Ricoh ce akwai akawun na biyu, `supervisor`, shi ma a sa masa, don da shi ake sake kalmar admin.

Daga nan ki shiga Network ko Protocols. Telnet da FTP kashe su kai tsaye, Wi-Fi Direct ma haka in ba kwa amfani da shi. SNMP ki yi a hankali, Windows na tambayar lafiyar firinta da shi, in kika kashe kwamfutoci na iya nuna Offline alhali ƙalau take, sai a cire alamar SNMP Status Enabled a saitin Port na kowace kwamfuta. IPP da Bonjour ki bar su in ana bugu daga waya. 9100 ɗin kuwa galibi da shi kwamfutocinku ke bugu, kar ki rufe sai kin tabbatar. Ɗaya bayan ɗaya ake yi, kashe, gwada bugu, sannan na gaba.

"Akwai antibairos na firinta da zan saya?"

Haba Malam. Riƙe kuɗinka, yi abin da na faɗa a sama, ka sabunta firmware, wato manhajar da ke cikin firintar, daga shafin kamfanin da ya ƙera ta kawai.

"Za mu sayar da tsohuwar tamu, na danna Factory Reset, ya isa?"

Bai isa ba ɗan'uwa, in mai faifan ajiya ce a ciki. A injina da yawa saiti kawai yake mayarwa, takardun da aka adana suna nan. Duba Stored Jobs ko Document Server ko Mailbox, ka goge su, ka goge Address Book da tarihin faks, sannan ka nemi Overwrite ko Secure Erase, shi ne ke bin faifan ya rubuce kansa, zai iya cin awanni, kar wuta ta ɗauke a tsakiya. In babu wannan zaɓin a cire faifan kafin a miƙa ta, ko da mai saye zai rage kuɗi. Hajiya ta sama, ke ma leƙa wurin nan, ba mamaki takardun masu ita na da suna ciki.