Ɗana ya farka da ciwon maraina cikin dare, sai kuma ya lafa

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 13 ya farka da tsakar dare yana ihu, wai ƙwan marainansa na hagu ke ciwo, har ya yi amai. Bayan kamar awa biyu ciwon ya yi sauƙi. In jira in ga yadda zai wuni?

Amsa: Hajiya, kada ki jira. A kai shi sashen gaggawa na asibitin da ake tiyata yanzu, kuma kada ya ci ko ya sha komai, don mai yiwuwa a shiga da shi aiki.

Abin da nake tsoro shi ne murɗewar ƙwan maraina. Kowane ƙwai yana rataye ne da wata igiya da jijiyoyin jini ke bi ta cikinta. A wasu yaran ƙwan bai manne da jakar sosai ba tun haihuwa, don haka yakan juya, igiyar ta murɗe, jini ya daina isa. An fi ganin haka tsakanin shekara 12 zuwa 18, sau da yawa yaro na barci. Idan aka warware cikin awa 6, galibi ana ceto ƙwan. Bayan awa 12 damar ta ragu ƙwarai, bayan awa 24 kuwa yawanci ya mutu, sai dai a cire.

Sauƙin da ya samu bai kwantar mini da hankali ba. Ko dai igiyar ta warware da kanta, wadda kuma za ta iya sake murɗewa gobe, ko kuma ƙwan ne ya fara mutuwa har zafin ya ragu. Ba a iya bambance su a gida.

Likita zai duba ko ƙwan ya haye sama ya kwanta a gicciye. Zai shafa cikin cinyar yaron: lafiyayyen ƙwai yakan ɗan zabura sama, murɗaɗɗe kuwa galibi ba ya motsi. In alamun sun fito fili, ba a ɓata lokaci wajen jiran hoto. A tiyatar ana warware igiyar, a ɗinke ƙwan jikin jaka, a ɗinke na ɗaya gefen ma, tunda matsalar takan kasance a duka biyun.

Akwai wasu dalilan. Wani ɗan ƙaramin tsiro da ke saman ƙwai yakan murɗe, musamman kafin balaga. Zafinsa bai kai wannan ba, yana kuma warkewa da hutu da maganin ciwo. Kumburin da ƙwayoyin cuta ke haddasawa yakan zo a hankali, da zazzaɓi ko zafin fitsari. Hangum kan sauka maraina kwanaki bayan kumburin kumatu. Hanji ma kan maƙale a gwaiwa, shi ma aikin gaggawa ne. Amma ciwo farat ɗaya tare da amai a wannan shekarun, murɗewa muke ɗauka har sai an tabbatar ba ita ba ce.

Ki faɗa wa likita ainihin ƙarfe nawa ciwon ya fara, da lokacin da ya ci abinci na ƙarshe.