Rubutun hoton farko: ki faɗi abin da hoto na biyu zai cika

Tambaya: Malam, ina sayar da atamfa a Kasuwar Wadata, nan Yamai. Ina jera hotuna biyar ko shida a Instagram da WhatsApp, a na farko in rubuta "Kar ki wuce ba ki gani ba!" Ana kallo, amma ba a saye, har wata ta ce ina ruɗin mutane. Me zan rubuta? Wata Hajiya, Yamai.

Amsa: Hajiya, ki fara da wannan gwaji. Ki ɗauki rubutun naki, ki ɗora shi a zuci kan tallar mai kilishi ko mai takalma. In ya zauna daram a can ma, to bai faɗi komai game da atamfarki ba. Mai kallo ta ga irinsa sau da yawa kafin ta iso wurinki, shi ya sa yatsanta ba ya tsayawa. Wadda ta tsaya kuma, ta buɗe ta tarar da zannuwa kawai kamar na kowa, sai ta ji an ɓata mata lokaci da kuɗin intanet.

Rubutun hoton farko alkawari ne, don haka a ƙarshe ake yin sa. Ki fara tsara sauran hotunan, ki san abin da za ki ba mutum, sannan ki koma ki sa masa suna. Abin da za ki bayar kuwa yana nan cikin wayarki. Ki buɗe saƙonnin masu saye na wata ɗaya, ki ga tambayar da ta fi dawowa. A harkar atamfa da wuya ta wuce biyu: "nawa ne turmi?" da "ba ta zuba?"

Mu ɗauki ta biyun. Hoton farko: hannunki riƙe da farin ƙyalle a kan atamfa, rubutu kuma ya ce "Atamfa mai zuba: gane ta kafin ki biya". Kalma takwas ce. Ta nuna da wa ake magana, ta taɓa asarar da mace ke tsoro, ta kuma faɗi abin da ke gaba. Hoto na biyu ya cika alkawarin nan take: a jiƙa farin ƙyalle, a goga a gefen zanen, a duba ko launi ya hau. Na uku ya nuna ƙyallen bayan an goga a taki, fari fes. Na huɗu da na biyar kayanki da kuɗinsu, na ƙarshe inda shagonki yake. Kada ki ja amsar sai hoto na shida don a daɗe ana kallo, nan ne sha'awa ke komawa haushi. Ga wani dalilin: Instagram kan sake nuna jerin ga wanda ya wuce bai buɗe ba, ta fara masa daga hoto na biyu, don haka shi ma ya zama mai tsayuwa da ƙafarsa.

In kuɗi ne ƙarfinki, ki faɗe shi ƙiri-ƙiri. A ce turminki jikka 7 ne: "Turmi jikka 7, kala 12, sun iso jiya". Amma lamba ita ma alkawari ce. In kala biyu kawai ke jikka 7, sauran jikka 10, ki rubuta "daga jikka 7" ko ki bar zancen kuɗi. Haka "saura uku" alhali shago cike yake. Mai saye za ta zo Wadata ta gani da idonta, kuma za ta faɗa wa ƙawayenta.

Wajen tsari, ki yi hoton 1080 × 1350, rubutun ya zauna a tsakiya, layi biyu ko uku, don ana yanke gefuna a shafinki. Atamfa tana da zane da yawa, harafi na ɓacewa a cikinta, sai ki shimfiɗa fili mai launi ɗaya a bayan rubutun. Harshe ɗaya ya isa a hoton farko, Hausa ko Faransanci, wanda masu sayenki suka fi rubuto miki da shi. Kafin ki saka, ki miƙe hannu da wayar ki duba. In sai kin matso da ita za ki karanta, haruffan sun yi ƙanana.

Yadda za ki gane ko ya yi aiki yana da sauƙi a status na WhatsApp, tunda kowane hoto na nuna adadin waɗanda suka gan shi. Ki kwatanta na farko da na uku kafin awa 24 ta cika su sauka. In mutum 200 sun ga na farko, 40 kawai suka kai na uku, ko dai rubutun bai ja su ba, ko na biyu bai ba su abin da aka ce ba. In an kai ƙarshe amma saƙo bai shigo ba, ki bar rubutun yadda yake, ki duba kuɗin ko hoton kayan. Ki sauya abu ɗaya a kowane mako, ki riƙa sakawa a lokaci ɗaya, misali bayan isha'i, ki rubuta lambobin a littafin shago kusa da cinikin ranar.