Ina bidiyon da na ɗauka ya shiga?

Tambaya: "Na ɗauki darasi da OBS a Windows, ban ga bidiyon ba, kuma C: ya yi ja. Yaya zan yi?"

Yawanci OBS a cikin Videos yake zuba su. Ba sai ka yi ta lalube ba: buɗe OBS, ka danna File, sai Show Recordings, zai kai ka wurin kai tsaye. Idan kuma da Xbox Game Bar ka ɗauka, danna Win+R ka rubuta:

```
%USERPROFILE%\Videos\Captures
```

Da ka shiga, jera su bisa Size, manyan su hau sama. Bidiyon awa ɗaya kan iya cin gigabait da dama, shi ya sa C: ya cika.

Wajen kwashewa ne ake asara. Kwafa zuwa D: ko faifan waje, ka buɗe kwafin, ka ja shi har ƙarshe ka ga yana tafiya, sannan ka goge na asali. Ni ba na amfani da Cut ga babban fayil, balle inda wuta ke ɗaukewa ba sallama. Idan filas ya ƙi karɓar abin da ya wuce gigabait 4 alhali akwai fili, tsarin FAT32 ne. exFAT zai karɓa, amma sauya tsarin yana share komai, don haka fara kwashe kayanka.

Kada ka mayar da su Desktop, shi ma cikin C: yake. Kuma sai ka share Recycle Bin kafin filin ya dawo.

Don gaba, a cikin OBS shiga Settings, Output, ka canza Recording Path zuwa D:. In faifan wajen yana ƙara ko yana yankewa lokacin kwafi, dakata, ka kai wa mai gyara kafin ka goge komai.