Jarin atamfa dubu 600 nake so ya kai miliyan a wata uku, ta ina zan fara?

Assalamu alaikum Hajiya. Atamfa nake sarowa a Kantin Kwari ina saidawa a gida nan Zariya. Jarina dubu 600 ne amma dubu 150 bashi ne a hannun mutane, kuma akwai turmi 10 da suka yi kwantai. Turmi ina sarowa 12,000 in saida 14,500, a sati nakan saida kamar 8. So nake daga Oktoba zuwa ƙarshen Disamba ya kai miliyan ɗaya. Dan Allah ya zan raba abin wata-wata da sati-sati? Kullum in na rubuta tsari sati biyu yake yi ya bi ruwa.

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa wa nema albarka.

Toh ɗauko biro mu fara auna miliyan ɗin nan tukunna kafin a zo maganar rabo, dan in buhun ya fi ƙarfin jakin duk yadda kika gyara ɗaurin ba zai tashi ba. Dubu biyu da ɗari biyar ɗin da kike gani a kan turmi ba duka ne naki ba, akwai kuɗin mota zuwa Kano da dawowa, ɗan dako, leda, data, mai mashin da ke kai wa kwastoma. Mu ƙaddara duk wannan yana cin 500 a kowane turmi, ke kika san ainihin naki sai ki gyara. Saura 2,000 kenan. Wata uku sati 13 ne, turmi 8 sau 13 ya ba da 104, riba dubu 208. Kuma nasan ba za ki ce min ba kya taɓa kuɗin ba, cefane ne, kati ne, gudummawar biki ce, zubin adashi ne. In muka ce 8,000 a sati, dubu 104 ta fita. Abin da zai hau kan jari dubu 104 ne kacal. Kafin ki kai miliyan sai kin saida turmi 252, wajen 20 duk sati tun daga satin farko, ke da kike kan 8. Kinga dalilin da tsarin ki ke mutuwa a sati na biyu, ba lalaci bane, lambar ce tun farko ba daga littafinki ta fito ba.

Ni da zan zaɓa miki, burin wata ukun guda ɗaya tak zai zama, kuma da turmi zan ƙirga shi ba da naira ba. Dubu 600 a farashin da kike sara turmi 50 ne. Ki rubuta a bangon littafi: ranar 31 ga Disamba jarina ya kai ƙimar turmi 65. Abin da yasa nace turmi, farashi a Kwari baya zama waje ɗaya, zaki iya wayar gari kuɗin ki sun ƙaru a asusu kina murna, kije sari ki tarar kayan da zasu siyo basu kai na da ba. Wannan ya taɓa cina lokacin da nake saida leshi, na rufe shekara ina ganin naci riba, da naje kasuwa sai ga shi leda ta ta dawowa ta fi ta bara sauƙin ɗauka. Tun ranar na daina yarda da naira ita kaɗai.

Yadda 65 ɗin ta fito: ki saida turmi 150 a sati 13, riba dubu 300, cire dubu 104 na gida, cire kamar dubu 10 da zaki yi asara wajen fitar da kwantai, saura dubu 186, turmi 15 kenan da ɗan canji. Daga 104 zuwa 150 aiki ne ba wasa ba amma hannu zai iya kaiwa.

Yanzu watanni. Kuskuren da akafi yi shine a raba 150 gida uku ace hamsin-hamsin. Watannin ba ɗaya bane, kuma kowanne akwai aikin da yake share wa na gaba hanya. Ki ba kowane wata suna ɗaya, abu ɗaya da in kin tashi da safe shi zaki fara tunawa.

Oktoba watan dawo da kuɗi gida ne. Cikin dubu 600 ɗin, in kin cire bashi da kwantai na dubu 120, abin da ke juyawa da gaske dubu 330 ne, turmi 27 kenan. Da wannan ba za ki iya ɗaukar odar anko ba ko ta zo har ƙofa. Dan haka wannan watan kar ki matsa wa ciniki, 9 a sati ya isa, 36 a sati huɗu. Ƙarfin ki ya tafi kan masu bashi. Ki jera sunayensu da abin da kike bin kowa da ranar da ya karɓa, ki nufi dawo da dubu 100 cikin 150, wato 25,000 duk sati. Ban ce duka ba saboda ni dake mun san akwai wadda sai dai a haɗu a gidan suna ta kau da kai. Kar ki tura saƙo ɗaya ga kowa, kira zaki yi, ki gaisa, ki ce Anti zan shiga Kano ranar Talata ko za a samu wani abu, ko rabi ne. Faɗin rana yana sa mutum ya motsa fiye da in kin samu ki turo. Ma'aikata kuma ki bari sai albashi ya shigo, kiran su ranar 15 ga wata ɓata kati ne.

Kwantan kuma ki rufe ido ki sake su 11,000, uku-uku ko biyu-biyu a sati. Nasan zuciya bata so, ana ganin ai asara ce. Amma turmin da ke kwance a durowa wata biyar ba abin da yake haifa, 11,000 ɗin kuwa da kin ɗan cika ta kin saro zanen da ake yayi, juyi ɗaya ta maida dubu ɗayan har da ƙari. Su goman nan basa cikin lissafin 150 fa, dan ba riba a kansu.

Nuwamba watan sabbin fuskoki ne, 12 a sati, 48 a wata. Lokacin kaka ta shigo, kuɗi sun fara yawo a hannun mutane, ana ta sa ranar bukukuwa. Disamba kuma na ba shi sati biyar dan sati 13 ɗin su cika, turmi 66, kamar 13 a sati, sunan sa watan kuɗi hannu. Ba bashi ko na sisi, dan in kika cika lambar da bashi to a takarda kawai kika ci, Janairu na zuwa kowa zai ce miki kuɗin makaranta.

Sai sati, nan ne yawanci ake faɗuwa. In kika rubuta zan saida 12 kika tsaya nan, kin rubuta abin da ba a hannun ki yake ba, ciniki na Allah ne. Abin da ke hannun ki shine sau nawa kika ɗora kaya, mutum nawa kika tuntuɓa, gida nawa kika shiga. Dan haka duk sati layi biyu zaki rubuta, na sama abin da kike fata, na ƙasa abin da ƙafar ki da wayar ki zasu yi. Tun a Oktoba ki fara ja ɗan layi a littafi duk sanda wata ta tambayi nawa ne, ki zagaye layin in ta siya. Ƙarshen wata zaki ga naki ma'aunin. Mu ce cikin huɗu ɗaya ke siya, to 12 na buƙatar masu tambaya 48 a sati, kusan 7 a rana. In sitatus ɗin ki na WhatsApp mutum 4 yake kawo miki a rana, kin san sauran ukun fita zaki yi ki nemo su. Satin Nuwamba zai iya zama haka: sabon hoto sau biyu a rana da hasken rana ba na fitila ba, tsoffin kwastomomi 10 ki tura musu zane kai tsaye, tela biyu ki kai musu samfur da alƙawarin ɗan wani abu kan duk turmin da suka kawo mai siya, sannan gida ɗaya da kika ji an sa rana ki je ki yi maganar anko. Anko ɗaya na iya ɗauke miki cinikin sati guda har da ɗoriya, sai dai ribar turmi takan ragu tunda za a nemi ragi, kuma kar ki taɓa saro shi sai an ba ki rabin kuɗi, dan in aka fasa ke za a bari da zane iri ɗaya guda ashirin.

Su ma satukan kar ki yi musu kai ɗaya. Satin albashi da na tsakiyar wata ba a haɗa su. 48 ɗin Nuwamba ki raba 15, 9, 9, 15. In ba haka ba ranar 18 ga wata zaki ga 9 ki ɗauka kin gaza alhali daidai kike.

Ki ware lokaci ɗaya da baya canzawa, misali Lahadi bayan isha'i, minti ashirin. Ƙirga turamen da ke ɗaki, duba kuɗin hannu da na asusu, duba bashi, sai ki kalli layukan nan biyu. In baki yi aikin layin ƙasa ba to ba ruwan kasuwa, satin gaba ki yi. In kuwa kin yi shi cif sati biyu a jere ciniki bai motsa ba, duba inda ya tsaya. Ba a tambaya kwata-kwata, to zanen ne ko hoton, ko kuma mutanen da ke ganin sitatus ɗin sune dai na jiya. Ana tambaya ana jin kuɗi a yi shiru, farashi ne, leƙa ki ji nawa maƙwabta ke saidawa. Kuma giɓin da aka samu kar ki jibge shi kan sati mai zuwa, in 4 suka rage ki watsa su ɗaya-ɗaya kan sati huɗu. In har ƙarshen Nuwamba jimillar ki bata haura 70 ba maimakon 84, ki sauke burin jarin daga turmi 65 zuwa 60 da hannun ki, ya fi ki yar da littafin.

Wannan jerin na Oktoba zuwa Disamba ne kawai, kar ki kwafe shi ki liƙa wa kowane wata uku. Duk zangon da sallah ta faɗo ciki, watan ciniki shine wanda ke zuwa kafin ta, dan teloli na daina karɓar ɗinki tun da sauran kwanaki, wadda bata siya da wuri ba sai dai ta nemi ɗinkakke. Kuma sallah na matsowa da kamar kwana 11 duk shekara, sai kin duba kalanda kafin ki raɗa wa watanni suna.

Ki turo min ƙirgar masu tambaya da abin da ya dawo na bashi in Oktoba ta ƙare, mu ga ko 12 ɗin Nuwamba zata zauna ko sai mun taɓa ta.